Toka ko ruwa: yadda za ka karanta taswirar ƙarfe da kabon kafin ka ba kurfi ruwa

Ka ɗauki tsohon sifirin na mota, ka yanke gutsure biyu masu tsawon yatsa, ka gasa su a wuta ɗaya har su yi ja. Ɗaya ka binne shi a cikin toka ya kwana, ɗaya kuma ka tsoma shi a ruwa nan take. Da safe na tokar zai bar magagari ya ci shi kamar katako mai tauri, kuma in ka buga masa guduma lanƙwashewa zai yi. Na ruwan kuwa magagari zamewa zai yi a kansa yana ƙara, in ka buga shi ya ɓalle kamar tangaran. Ba ka ƙara musu komai ba, ba ka rage komai ba, kabon ɗin da ke cikinsu ɗaya ne. Abin da ya bambanta shi ne lokacin da ka ba kabon ɗin ya nemi wurin zama. Wannan jagora za ta bi wannan sifirin daga wuta har ya zama kurfi, tana duba taswira a kowane mataki.

Mataki na ɗaya: zana taswirar da hannunka

Taswirar da ke cikin littattafai cike take da layuka, amma mai aikin wuƙa da kurfi kusurwa ɗaya kawai yake buƙata, ta ƙasa daga hagu. Ka samu takarda. Layin kwance shi ne yawan kabon, daga sifiri zuwa ɗan sama da kashi 2 cikin ɗari na nauyi. Layin tsaye shi ne zafi, a ma'aunin Salshiyos, daga zafin ɗaki zuwa digiri 1200.

Ka ja layi a kwance a digiri 727, ka rubuta masa A1. A kan wannan layi ka ɗiga alama a kashi 0.76 na kabon (wasu littattafai 0.77 suke rubutawa, wasu su dunƙule su ce 0.8, duk wuri ɗaya ake nufi). Daga wannan ɗigo ka ja layi ya hau hagu har ya taɓa bango a digiri 912, shi ne A3. Ka sake jan wani daga ɗigon ya hau dama zuwa kashi 2.14 a digiri 1147, shi ne Acm. Yanzu kana da wani abu mai kama da bakin mazurari zaune a kan layin kwance. Abin da ya wuce kashi 2 ɗin nan ya shiga sahun ƙarfen zubi, ba ruwanmu da shi yau.

A cikin mazurarin, wato sama da A3 da Acm, ƙarfe yana cikin yanayin da ake kira ostenayit. A nan atam ɗin ƙarfe suna jeruwa ne kamar ƙananan akwatuna, ɗaya a kowace kusurwar akwati, ɗaya kuma a tsakiyar kowace fuska, kuma ramukan da ke tsakaninsu suna da ɗan faɗi, don haka kabon yana narkewa a ciki kamar sukari a shayi mai zafi, alhali ƙarfen yana nan sandararre bai zama ruwa ba. A ƙasa da 727 jerin yana canzawa: ɗaya a kowace kusurwa, ɗaya a tsakiyar akwatin. Wannan shi ne ferayit, mai laushi, kuma ramukansa matsattsu ne. Iyakar kabon da yake iya riƙewa kashi 0.022 ne, shi ma a digiri 727. In ya huce abin da yake riƙewa bai taka kara ya karya ba.

To ina sauran kabon zai je? Yana haɗuwa da ƙarfe ya zama simentayit, Fe3C, wanda kabon ɗinsa ya kai kusan kashi 6.7. Tauri gare shi ƙwarai, amma ba ya jure bugu. Duk labarin taswirar nan, in ka tace shi, wannan ne: a sama akwai masauki mai ɗaukar kabon da yawa, a ƙasa babu, don haka duk ƙarfen da ke hucewa dole ya san yadda zai yi da kabon ɗinsa.

Mataki na biyu: gano inda ƙarfenka yake a layin kwance

Mutane da yawa nan suke faɗuwa, tun kafin a hura wuta. Rodin gini da ƙarfen tagogi kabon ɗinsu kaɗan ne, wajen kashi 0.2 zuwa 0.3 ko ƙasa da haka. Sifirin na mota yawanci yana kusa da 0.6, da ɗan kuromiyam ko silikon a ciki. Magagari na ƙwarai yana kai kashi 1 ko ya ɗan wuce. In ba ka san asalin ƙarfe ba, ka kanga shi a dutsen injin wasa ka kalli tartsatsi. Mai ƙarancin kabon yana fitar da dogayen zare masu tafiya miƙe. Mai kabon da yawa tartsatsinsa fashewa yake yi a ƙarshe, reshe kan reshe.

Namu sifirin ne, don haka ka ja layin tsaye a kan 0.6. Zai ratsa A3 a wajen digiri 750, ya ratsa A1 a 727. Taswirar ta ƙarfe da kabon zalla ce, ɗan kuromiyam ɗin yana gusar da layukan kaɗan, amma ba har ya ɓata mana lissafi ba.

Mataki na uku: bi layin zuwa ƙasa a hankali

Ka ɗauka ƙarfen yana digiri 830, duk jikinsa ostenayit ne, kabon ya bazu daidai wa daida. Ka binne shi a toka mai zafi, ko ka bar shi a cikin gawayin da ke mutuwa. Zafi yana sauka sannu a hankali.

Da ya ƙetare A3, ƙwayoyin ferayit za su fara tsirowa a kan iyakokin ƙwayoyin ostenayit. Tun da ferayit ba ya son kabon, sai ya tura shi cikin ostenayit ɗin da ya rage. Ragowar tana ƙara cika da kabon, daga 0.6 tana hawa, har lokacin da zafi ya iso 727 ta kai 0.76 cif. Wannan ba dace ba ne, layin A3 ɗin da ka zana shi ne hanyar da take bi.

A 727 sai babban abin ya faru. Ostenayit mai 0.76 ba ya iya zama kuma, sai ya rabe gida biyu a lokaci ɗaya: siririn faifan simentayit, faifan ferayit, simentayit, ferayit, jere kamar shafukan littafi. Kabon ba ya yin doguwar tafiya, daga shafi ɗaya yake matsawa zuwa na kusa. Wannan jeri shi ake kira falayit. Sunan ya yi kusa da ferayit a kunne, sai a kula: ferayit ƙarfe ne kusan tsantsa, falayit kuwa gauraye ne na faifai biyu. Henry Clifton Sorby, mutumin Sheffield a Ingila, ya goge ƙarfe ya dube shi a madubin ƙara girma a shekarun 1860, kuma sheƙin da wannan jeri ke yi kamar cikin ƙwaryar lu'ulu'u ne ya ja wa falayit sunansa, daga pearl, wato lu'ulu'u da Turanci.

Ana iya lissafa yawan kowanne da awon tazara kawai. Ƙarfenmu yana 0.6, ferayit yana 0.022 a hagunsa, falayit yana 0.76 a damansa. Rabon falayit shi ne tazarar da ke tsakanin ƙarfenmu da ferayit, a raba da tazarar gaba ɗaya:

```
(0.60 - 0.022) / (0.76 - 0.022) = 0.78
```

Wato kashi 78 falayit, kashi 22 ferayit. Ka gwada da rodi mai 0.2, za ka samu falayit kashi 24 kacal, sauran duk ferayit ne mai laushi. Abin da ke rikita ɗalibai shi ne ana auna tazarar ɗaya gefen ne, ba gefen abin da ake nema ba. Ka tuna sikeli: wanda ƙarfenka ya fi matsowa kusa da shi, shi ya fi yawa.

Mai kabon sama da 0.76, irin magagari, shi akasin haka yake yi. Simentayit ne ke fara fita a kan iyakokin ƙwayoyi, ya zagaye su kamar raga. A ƙarfe mai 1.2 wajen kashi 7 ne kawai, amma da yake a kan iyaka yake kwance, ya ishi tsagewa ta samu hanyar bi. Shi ya sa ba a gasa irin wannan ƙarfe har sama da Acm sannan a bar shi ya huce a toka.

Saurin hucewa yana taɓa kaurin faifan. A toka kabon yana da lokaci, faifai su fito masu kauri, ƙarfe ya yi laushin da za a huda shi ko a goge shi. A iska kuwa faifai sirara ne matsattsu, ferayit ɗin ya ragu, ƙarfe ya fi ƙarfi. Duka biyun falayit ne. Amma ka kula da sifirin: saboda kuromiyam, siririn baki yana iya ɗaukar tauri ko a iska, don haka in laushi kake so, toka ce.

Mataki na huɗu: abin da taswirar ba ta faɗa

Ka duba takardarka. Akwai zafi, akwai kabon, babu agogo. Taswirar tana faɗin inda ƙarfe zai je ne in an ba shi duk lokacin da yake so. Shi ya sa ko ka kwana kana nema ba za ka ga matensayit a cikinta ba, alhali shi ne abin da maƙeri yake nema duk lokacin da ya ba wuƙa ruwa.

Lokacin yana cikin wata taswira dabam, wadda Edgar Bain da Edmund Davenport suka fitar a Amurka a 1930. Abin da take nunawa shi ne ostenayit ba ya rabewa da sauri ɗaya a kowane zafi. Dab da 727 yana jan ƙafa. Can ƙasa sosai ma kabon ya yi sanyin da ba ya iya motsi. A tsakiya ne, wajen digiri 550, abin ya fi sauri: ƙarfe mai 0.76 marar gauraye yana fara zama falayit a cikin kusan daƙiƙa ɗaya. Ma'anar ba da ruwa ke nan: a ƙetare wannan mashigi kafin daƙiƙar ta cika.

In an ƙetare, ostenayit yana isowa ƙasa da kabon ɗinsa duka a ciki. A wajen digiri 220 ga mai 0.76, ko kusa da 280 ga mai 0.6, jerin atam ɗin ba ya iya jurewa, sai ya fara gocewa yanki bayan yanki yayin da zafi ke ƙara sauka, kowane yanki cikin ƙiftawar ido, yana neman komawa siffar ferayit. Amma kabon yana nan a maƙale, babu lokacin fita, sai ya tokare akwatin ya miƙe ta gefe ɗaya. Wannan tokararren jeri shi ne matensayit, an sa masa sunan Bajamushe Adolf Martens. A madubi kamar allurai ko bakin masu yake, sun sarƙe. Taurinsa daga wannan matsi yake zuwa: atam ba sa iya zamewa kan juna, don haka ƙarfe ba ya lanƙwasa, sai dai ya karye. A ma'aunin tauri na HRC mai 0.6 yana wuce 60, alhali ɗan'uwansa na toka yana ƙasa da 20.

Abubuwa biyu suka biyo baya. Na farko, taurin matensayit yana bin yawan kabon da aka tsare. Rodi ba shi da abin tsarewa sosai, kuma mashiginsa ya fi ƙunci, shi ya sa ko ka tsoma shi a ruwan ƙanƙara ba zai zama kurfin kirki ba. Na biyu, matensayit ya fi ostenayit girma da kusan kashi 4 cikin ɗari. Fata tana hucewa ta kumbura ta sandare, ciki ya biyo baya yana son kumbura a cikin rigar da ba ta buɗewa. Tsagewa daga nan take fitowa.

Na taɓa asarar kurfi uku a yini ɗaya a kan wannan. Sifirin ne, na tsoma su a ruwan randa mai sanyi saboda man ya ƙare, na ajiye su a kan uwar maƙera na tafi salla da niyyar in dawo in ƙarasa. Ina shigowa na ji ɗaya ya yi ƙas shi kaɗai, babu wanda ya taɓa shi. Sauran biyun da na goge sai ga layi siriri kamar gashi ya bi tsawon baki. Wani dattijon maƙeri da ke gefe ya ɗauki ɗaya ya juya shi, ya ce, "Yaro, sifirin mai yake sha, ba ruwa ba. Kuma ba a barinsa ya jira ka." Na ce, "Baba, ai ruwa ya fi ba da tauri." Ya miƙo mini shi ya ce, "Ga taurin nan, riƙe abinka."

Gaskiyarsa. Kuromiyam yana jinkirta fitowar falayit, mashigin ya faɗaɗa zuwa daƙiƙoƙi da dama, don haka mai ya isa. Ruwa ƙarin wahala ne kawai ga ƙarfen.

Mataki na biyar: aikin kansa

Bayan ka gama ƙira, ƙwayoyin ƙarfen sun yi girma saboda zafin da ya sha, ga gajiyar guduma. Ka mayar da shi wuta zuwa wajen 850, ka fitar ya huce a iska har ya yi baƙi. Ka yi haka sau biyu ko uku, kowane karo zafin ya ɗan gaza na baya. Duk ƙetare layin A1 da A3 yana haifar da sababbin ƙwayoyi ƙanana. In kana da gugar magagari da yawa a gaba, ka bi da kwanan toka. Ka gyara siffa, amma ka bar kaurin baki kamar milimita ɗaya, kada ka wasa shi tukuna.

Ka shirya mai kafin ka hura wuta. Man gyaɗa ko wani man girki ya fi baƙin man inji, wanda hayaƙinsa ba shi da kyau ga ƙirji. Lita biyu zuwa uku a gwangwanin ƙarfe mai murfi, ba roba ba. Ka ɗumama shi zuwa wajen digiri 50 ta hanyar tsoma wani jan ƙarfe a ciki. Mai ɗumi ya fi tsinkewa, ya fi kwashe zafi. Yana iya kamawa da wuta a sama. Murfi ake sa masa, ba a zuba ruwa.

Zafin da ake nema shi ne A3 da ƙarin digiri 30 zuwa 50 ga ƙarfe marar gauraye, sifirin kuwa wajen 830. Yawancinmu ba mu da ma'auni, sai maganaɗisu da ido. Maganaɗisun tsohuwar lasifika ya isa. Ƙarfe yana daina kama shi a wajen digiri 770. Ga sifirin wannan bai isa ba, ka ƙara kaɗan har jan ya ɗan ƙara haske, ka riƙe shi a haka minti biyu ko uku don kabon ya bazu. Ga magagari kuwa, da maganaɗisu ya saki ka kusa isa, 780 zuwa 800 ya wadatar. Ka yi gwajin lokacin da zafi ke hawa. In yana sauka maganaɗisu ƙarya yake yi, domin ostenayit ba ya kama shi ko da ya huce ƙasa da 727. Kuma ka yi aikin a inuwa ko da magariba. A tsakar rana, abin da ido ya gani ja-ja ya riga ya wuce gona da iri.

Daga wuta zuwa mai kada ya wuce daƙiƙa biyu. Baki ya fara shiga, a tsaye, kamar santimita huɗu. Ka riƙa ɗaga shi sama da ƙasa. Dalili biyu ne: tururi yana lulluɓe jan ƙarfe ya hana shi hucewa, motsi ke fasa shi, kuma in ka tsaya cak, za a samu iyaka mai kaifi tsakanin tauri da laushi daidai saman man, nan kurfi yake karyewa. Kada ka kaɗa shi gefe da gefe, yana karkacewa. Kan kurfi, inda guduma ke sauka, ba a taurara shi ko kaɗan, don ɓaraguzansa suna tashi su shiga ido.

Da ya huce har hannu yana iya taɓawa, ka goga magagari. In ya zame, ka samu. In ya ci, ka ɗan goge fatar ka sake gwadawa, domin iskar zuga-zugi tana ƙone kabon ɗin fata ta bar laushi a sama da tauri a ƙasa. In har yanzu yana ci, ɗaya ne cikin uku: zafi bai kai A3 ba, don haka ragowar ferayit ta tsira a ciki, ko ka yi jinkiri falayit ya riga ka, ko ƙarfen tun asali ba shi da kabon.

Mataki na shida: sassauta shi nan take

Matensayit ɗanye ba kayan aiki ba ne. Ana mayar da shi zafi kaɗan, nesa ƙasa da 727, don wani ɓangare na kabon ya fito ya zama ƙananan ɗigo na kabayid, wato haɗin ƙarfe da kabon irin simentayit, matsi ya ragu. Ana rasa ɗan tauri, a samu juriya mai yawa.

Ka goge gefe ɗaya ya yi fari tas, babu maiƙo. Ka ɗora jikin kurfin a kan gawayi marar ƙarfi, baki yana waje, ka zuba ido. Launuka za su taso daga wurin zafi su gangaro: ruwan kara mai haske a wajen 220, ruwan kara mai duhu a 240, ruwan ƙasa a 255, shunayya a wajen 275, shuɗi a 300. Wuƙa a ruwan kara ake tsayar da ita. Kurfin yankan ƙarfe, da ruwan ƙasa ya iso baki yana shirin komawa shunayya, ka tsoma shi. Wannan tsomawar ba ta ƙara tauri, tsayar da zafi kawai take yi. Launin fatar tsatsa ce siririya, zafin sama kawai take nunawa, don haka ka bar shi ya gangaro a hankali, kuma ka maimaita sau biyu. Mai tanda mai ma'auni ya fi kowa sa'a: awa ɗaya a 250, a huce, a sake awa ɗaya.

Kafin ka amince da hannunka, ka yi gwajin karaya. Ka taurara siririn gutsure na sifirin ɗin ba tare da sassautawa ba, ka sa tabarau, ka matse shi a bayis, ka rufa masa tsumma, ka buge shi. Ka kalli wurin karayar a haske. In launin toka ne mai santsi kamar garin siminti, ƙwayoyin ƙanana ne, zafinka daidai ne. In yana ƙyalli, ƙwaya-ƙwaya kamar sukari, ka wuce da zafi, ostenayit ya yi manyan ƙwayoyi, kuma sassautawa ba ta gyara wannan. Sai ka koma hucewar iska sau uku ka sake ba shi mai. In kuwa gefe santsi ne, tsakiya ta fi duhu da kaushi, fata ce kawai ta ƙetare mashigin, ciki ya zama falayit. Ga kurfi mai kauri wannan ba laifi ba ne muddin bakin ya taurara har ciki, amma ga wuƙa, ka ƙara yawan man ko ka rage kaurin ƙarfen kafin ka sake gwadawa.